Ƙarfe Nawa Ne "Bayan La'asar"?

Agogon Turanci gida biyu ya raba yini: AM daga tsakar dare zuwa tsakar rana, PM kuwa daga nan har wata tsakar daren. Bahaushe bai yi wannan rabon ba. Shi rana yake kallo, ya ce na safe, na rana, na yamma ko na dare. Ƙarfe bakwai na safe 7:00 AM ne, biyu na rana 2:00 PM, biyar saura kwata na yamma kuma 4:45 PM. Duk wannan mai sauƙi ne.

A dare ake yin tuntuɓe, don darenmu ya ratsa gidajen biyu. Goma na dare 10:00 PM ne, amma biyu na dare 2:00 AM. A ce mutum ya sayi tikitin jirgi, aka rubuta masa Juma'a, 12:30 AM. In ya bari sai ya sauko daga masallacin Juma'a sannan ya nufi filin jirgi, ya makara da fiye da awa goma sha biyu. In ya jira dare ya yi, ya makara da kwana guda cur. Jirginsa na ƙarfe sha biyu da rabi ne na daren Alhamis, wayewar Juma'a. Abin da ke ƙara dagula lissafin shi ne, a ƙidayar Musulunci dare ke gaba da yini, don haka dattijo zai kira daren nan "daren Juma'a", jikansa kuwa ya ce na Alhamis ne. Shi ya sa faɗin "wayewar" ba ɓata baki ba ne.

Lokutan salla kuma ba su da ƙarfe tsayayye. A Kano rana kan faɗi wajen 6:00 PM a ƙarshen Nuwamba, amma a Yuli sai ta kusa kai 7:00 PM. Gari ma da nasa: mai azumi a Maiduguri kan riga na Sakkwato shan ruwa da kusan rabin awa, alhali agogonsu ɗaya. Ga kuma bambancin shigar lokaci da tsayar da salla. Azahar na shiga a Kano kafin ƙarfe ɗaya, amma masallatai da dama sai wajen biyu suke yi, kuma wanda ya ce "mu haɗu bayan azahar" jam'in masallacinsu yake nufi, ba gushewar rana ba.

To "bayan la'asar" fa? Galibi tsakanin 4:00 PM ne da 5:00 PM. In rana ta yi sanyi sosai, an shiga la'asar sakaliya. A ganina, mai rubuta katin biki da Turanci kada ya yi cinta. Ya tambayi mai taron ƙarfe nawa ake idar da salla a unguwarsu a watan, ya ƙara rabin awa, sannan ya rubuta.