Warware Turancin majigi: wa zai yi me, kuma yaushe?

Duk wanda ya saba zuwa bita a Kano, Kaduna ko Abuja ya san yadda ake yi. A rage haske, a kunna majigi, mai jawabi ya tsaya gefe yana danna shafi bayan shafi, mahalarta suna gyaɗa kai suna ɗaukar hoton allo da waya. Sai an fito shan shayi wani zai ja hannun na kusa da shi ya ce, "Malam, wai me aka ce mu yi ne?" Kuma masu wannan tambaya ba jahilai ba ne. Akwai mai digiri a cikinsu, akwai wanda ya shekara ashirin yana rubuta rahoto da Turanci. Abin da ya sha musu kai wani Turanci ne na daban, wanda ake cusawa a shafukan PowerPoint, inda ake matse magana har ta rasa ƙafa da kai.

Ga misali da aka ƙirƙira domin wannan bayani, irin wanda jami'an rigakafi na ƙananan hukumomi za su iya gani a allo:

"Leveraging cross-functional synergies to roll out last-mile cold chain optimization and drive a 15% coverage uplift by EOQ3"

Kalma 18 ce kacal. Mai gyaran rubutu da bai goge ba zai ɗauko ƙamus ya fara sauya manyan kalmomi da ƙanana. Wanda ya san aikin kuwa ajiye ƙamus zai yi, ya yi wa layin tambaya uku: wane ne zai yi aikin, wane aiki ne, kuma yaushe zai gama? Da zarar ya yi haka zai ga cewa babu mutum ko ɗaya a cikin layin. Ba a ce direba ba, ba a ce mai kula da sito ba, ba a ce gwamnatin jiha ba. A gaskiya ma ba jimla ba ce, guntun jimla ne da aka yanke masa mai aikatawa don ya shiga allo. Wanda ya tashi da Turanci a bakinsa yakan cike giɓin da hasashe ba tare da ya lura ba. Wanda ya koye shi a makaranta yakan nemi mai aikatawa a farkon jimla kamar yadda aka koya masa, idan ya rasa sai ya koma baya ya sake karantawa, kafin nan kuwa an wuce shafi biyu.

Don haka aikin farko ba a kan takarda yake ba. Sai an koma wurin wanda ya rubuta shafin an tambaye shi su wa yake nufi da "cross-functional". A misalinmu, a ce amsarsa ita ce masu kula da sito da direbobi. Shi ke nan, an samu mutane. "Synergies" kuma ba ta wuce cewa za su zauna su tsara kowace tafiya tare ba. Wani lokaci marubucin yakan yi shiru, ya ce shi ma haka ya gan shi a rahoton hedikwata. A irin wannan hali sauƙaƙa kalmomi ba zai yi magani ba, domin babu abin da ke ƙarƙashinsu, sai dai a share layin ko a nemo wanda ya sani.

Daga nan sai tarin sunaye. A "last-mile cold chain optimization" an jera sunaye a kan juna ba tare da ƙananan kalmomin da ke nuna dangantakarsu ba, kuma babban sunan yana can ƙarshe. Hausa ba haka take gini ba: Bahaushe yakan fara da babban abin, ya ce "gyaran hanyar sanyaya allurai", sannan bayani ya biyo baya. Ke nan sai mai karatu ya kai ƙarshen jerin sannan ya dawo da baya yana kwancewa. Dabarar ita ce a nemo aikin da aka ɓoye a cikin sunan a mai da shi aikatau. "Optimization" a nan yana nufin a riƙe alluran cikin sanyin da bai gaza maki 2 ba, bai kuma wuce 8 ba a ma'aunin Salshiyos, wanda shi ne ƙa'idar ajiye yawancin alluran rigakafi a ƙananan asibitoci. "Last-mile" kuwa ba ruwansa da mil guda. Zangon ƙarshe ne, daga siton ƙaramar hukuma zuwa asibitin ƙauye, ko da tafiyar rabin yini ce a kan babur.

Amma "cold chain" a bar shi yadda yake. Nan ne masu zumuɗin gyara suke yin ɓarna. Jami'in rigakafi ya san wannan suna fiye da mai gyaran, yana cikin takardun da yake cikewa, akwai ma ma'aikacin da sunan muƙaminsa ke nan. A cire shi a sa doguwar magana a madadinsa, sai jami'in ya zaci wani sabon abu aka kawo. Kalmar sana'a da masu sauraro suke aiki da ita kullum daban, kalmar ado ta ofis irin "leveraging" daban, kuma ta biyun ce ake korewa.

Masu harhaɗa jiragen sama sun daɗe da warware wannan. A shekarun 1980 ƙungiyar masana'antun jiragen sama ta Turai ta tsara sauƙaƙƙen Turanci domin littattafan gyaran jirgi, saboda makanikai da yawa a duniya Turanci ba harshensu na gida ba ne. Kundin farko ya fito a 1986, yanzu ana kiransa ASD-STE100. Ya ƙayyade cewa jimlar umarni kada ta wuce kalma 20, ta bayani kada ta wuce 25, kada a jera sunaye fiye da uku a kan juna, kuma kowace kalma cikin kusan 900 da aka amince da su ta tsaya a kan ma'ana ɗaya. Sunayen sassan jirgi kuwa an bar su, domin makaniki ba ya buƙatar a sauƙaƙa masa sunan injin da yake kwancewa.

Wani abin da kundin ya hana zai ba mutane da yawa mamaki: aikatau mai kalma biyu irin "roll out". Gajeru ne, Ba'amurke zai ce babu abin da ya fi su sauƙi. Matsalar ita ce ma'anar haɗin ba ta fitowa daga ma'anar kowace kalma. Wanda ya san "roll" da mirginawa, ya san "out" da waje, bai samu hanyar da za ta kai shi ga "a fara aiwatarwa a ko'ina" ba. Idan a zauren akwai baƙi daga Maraɗi ko Damagaram waɗanda suka yi karatu da Faransanci, doguwar kalma mai asali da Latin takan fi musu sauƙi, saboda tana da 'yar'uwa a harshen da suka sani. Sai dai a can ma akwai rami: "eventually" a Turanci tana nufin abin zai faru a ƙarshe, mai kama da ita a Faransanci kuwa tana nufin wataƙila.

Inda ya fi haɗari a layin shi ne wurin lambobi, kuma nan ne aka fi wucewa da sauri, don ana ganin lamba ba ta da yare. A ce yanzu yara 60 cikin kowane 100 ake yi wa allura. "15% uplift" na iya nufin a ƙara kashi 15 cikin ɗari na sittin ɗin, a samu 69. Yana kuma iya nufin a ɗora 15 a kan 60, a samu 75. A ƙaramar hukuma mai yara 10,000, fassarar farko ƙarin yara 900 ne, ta biyu 1,500. Yara 600 suna tsakanin fassara biyu na kalma ɗaya, tare da alluransu da man babur ɗin da zai kai su. Maganin shi ne a rubuta inda ake yau da inda ake son zuwa, duka biyu a fili.

"EOQ3" ma haka. Ƙarshen rubu'i na uku ne na shekara, wanda a kalandar da aka saba ya faɗa 30 ga Satumba. To amma shekarar kasafin gwamnatin Amurka tana farawa ne 1 ga Oktoba, don haka rubu'inta na uku yana ƙarewa 30 ga Yuni. Idan kuɗin aikin daga can yake, mai yiwuwa marubucin Yuni yake nufi alhali zauren ya ji Satumba. A rubuta ranar, da sunan wata a haruffa, domin 03/04 ma a Najeriya 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris.

Bayan an tambayi marubucin an tabbatar, ga yadda shafin zai koma:

"The store officers and the drivers will plan each trip together. They will keep the cold chain at 2–8°C from the LGA store to every clinic. Today, 60 of every 100 children get the vaccine. Our target is 75 of every 100 by 30 September."

Kalma 18 sun zama 45, layi ɗaya ya zama jimla huɗu. Nan ne ake yin rigima da masu shafin, domin za su ce ya yi tsawo, ba zai shiga allo ba, kuma ya yi kama da littafin 'yan firamare. Amsar ta farko mai sauƙi ce: a raba shi shafi biyu, majigi ba ya cajin kuɗin shafi. Ta biyun tana buƙatar lura, don akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Likita ko babban jami'i yana gane lokacin da ake yi masa magana kamar yaro, kuma zai ji haushi. Shi ya sa ba a rage abin da ke ciki ba: ma'aunin sanyi ya shigo, lambobi sun ƙaru, sunan sana'a yana nan. Sabon shafin ya fi tsohon bayani, ya kuma ɗaura wa wasu mutane alkawarin da za a iya tuhumarsu a kai ranar 1 ga Oktoba, wanda watakila shi ne ainihin abin da wasu marubutan suke gudu.

Saura gwaji. Manhajar Word tana iya ba da makin sauƙin karatu bisa ma'aunin Rudolf Flesch na 1948, amma ma'aunin tsawon jimla da yawan gaɓoɓin kalma kawai yake ƙirgawa. A wurinsa "roll out" da "EOQ3" ba su da laifi. Tambayar "Kun gane?" ita ma ba ta da amfani, musamman inda kunya da girmama baƙo ba za su bar ƙaramin ma'aikaci ya ce a'a a gaban shugabansa ba. Abin da ke aiki shi ne a ware mutum biyu ko uku daga cikin waɗanda aka yi shafin dominsu, kafin ranar taro, a ba kowa shafin shi kaɗai, a roƙe shi ya faɗi da Hausa ko da harshen da ya ga dama abin da zai yi ranar Litinin idan ya koma ofis. Idan ɗaya ya ce 69, ɗayan ya ce 75, ko wani ya tambaya sito na jiha ko na ƙaramar hukuma, an san layin da za a koma a gyara kafin a buga sauran shafukan.