Daren da casa'in ta koma talatin

A kamfanoni da yawa akwai aikin da kwamfuta ke yi da tsakar dare ba tare da kowa ya tsaya a kanta ba. Takan share kwafin bayanan jiya, ta ɗebo sabo daga babban rumbun bayanai, don ma'aikata su tarar da rahoto a shirye da safe. Abu biyu ke tafiyar da wannan aiki. Akwai rubutun umarni da ke gaya wa kwamfutar matakan da za ta bi, akwai kuma ƙaramin fayil na saiti da ke faɗa mata inda za ta ɗebo, inda za ta zuba, da yawan abin da za ta kwaso. Masu aikin sukan kula da na farkon, su bar na biyun kara zube. Ni kuwa a ganina na biyun ya fi buƙatar tsaro, domin shi hannu ya fi yawan taɓawa.

Mu ɗauki misalin kamfanin da ke rarraba magunguna. Kullum ƙarfe 2 na dare umarnin yana kwaso cinikin kwana 90. Wata rana aikin ya yi nauyi har ya kai hantsi bai gama ba, sai wani ma'aikaci ya rage kwanakin zuwa 30, da niyyar mayarwa gobe. Ya manta. Kwamfuta ba ta yi ƙorafi ba, tunda abin da aka ce ta yi shi ta yi. Sai ƙarshen wata akanta ya ga cinikin wata uku ya yi ƙasa warwas, aka shiga zargin juna.

Da a ce fayil ɗin yana cikin Git, da maganar ba ta yi nisa ba. Git manhaja ce da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Duk lokacin da aka ajiye canji da `git commit`, tana riƙe sunan wanda ya yi, da ranar, da layin da ya canza, da dalilin da ya rubuta. Mai bincike zai buga:

```
git log -p -- saiti.conf
```

Nan take zai ga tarihin fayil ɗin, har da waɗannan layuka biyu:

```
-KWANAKI=90
+KWANAKI=30
```

Alamar ragi ita ce abin da aka cire, ta tarawa kuma abin da aka saka. Kowace ajiya tana da lambarta, don haka sai ya buga `git revert` tare da lambar. Wannan ba ya goge tarihi. Sabuwar ajiya yake yi wadda ke warware ta baya, ta yadda wanda ya zo bayan shekara zai ga kuskuren, ya ga gyaransa. Daga nan a sake kunna aikin, rahoto ya dawo daidai.

Amma Git abin da aka ba ta kaɗai ta sani. Idan ma'aikacin ya gyara fayil ɗin kai tsaye a kan kwamfutar da ke aikin bai ajiye ba, babu suna, babu dalili. Abin da zai tona shi `git status` ne, wanda ke nuna fayilolin da suka sha bamban da ajiyar ƙarshe. Shi ya sa ya dace umarnin ya rubuta lambar ajiyar da ya yi aiki da ita a cikin bayanin kowane dare. Haka ma lokacin tashin aikin: a Linux yakan zauna a `crontab`, can wani wuri dabam, sai an kwafo shi an haɗa da sauran.

Kalmar sirri kuwa ba a saka ta. Wadda ta shiga Git sau ɗaya tana nan cikin tarihi ko an goge ta daga fayil, kuma duk mai kwafin ma'ajiyar zai iya tono ta. A ware mata fayil nata, a rubuta sunansa a `.gitignore`. In ta riga ta shiga, canza ta kawai za a yi.

Iyaka mafi girma ita ce Git umarni take dawowa da shi, ba ɓarnar da umarnin ya yi ba. A misalinmu an yi sa'a, domin babban rumbun yana nan lafiya. Da kuskuren ya kasance an musanya wurin ɗebowa da wurin zubawa, da umarnin ya share cinikin kamfanin na ainihi. Git za ta nuna wanda ya yi da lokacin da ya yi, amma bayanan sai dai a nemo su daga kwafin ajiya na daren da ya gabata, in an yi shi. Saboda haka layukan nan biyu, na ɗebowa da na zubawa, kada a bari canjinsu ya wuce sai mutum na biyu ya karanta ya amince.