Taurari biyar: yaushe ya kamata manhaja ta roƙi a yaba mata?

Duk mai riƙe da wayar zamani ya san ɗan akwatin nan da ke faɗowa kan fuskar waya ɗauke da taurari biyar, yana neman ka danna guda nawa manhajar ta cancanta. Masu manhaja na bin taurarin nan ne saboda su mai saukewa ke fara duba a Play Store ko App Store kafin ya kashe datarsa. Kuma sun san halin mutane: wanda manhaja ta ɓata wa rai ba ya jiran gayyata, da ƙafarsa yake zuwa ya ajiye tauraro ɗaya, shi kuwa wanda ya ji daɗi sai ya sa wayarsa a aljihu ya kama gabansa. Idan ba a tambayi masu jin daɗi ba, muryar masu fushi kaɗai za ta cika shafin. Don haka roƙon kansa ba laifi ba ne. Laifin yana ga lokacin da ake yin sa.

A shekarun farko kowace manhaja na ƙera nata akwatin, tana fito da shi sau nawa ta ga dama. Abin ya ishi mutane har a ƙarshen 2013 John Gruber, wani marubuci kan kayan Apple, ya kawo shawarar a riƙa saka wa irin waɗannan manhajoji da tauraro ɗaya. A 2017, da fitowar iOS 10.3, Apple ya karɓe ragamar. Yanzu manhaja ba ta fito da akwatin da kanta, sai dai ta nemi wayar ta fito da shi, wayar kuma ba za ta nuna wa mutum ɗaya fiye da sau 3 cikin kwana 365 ba. Mai iPhone ma na iya kashe abin baki ɗaya a saitin wayarsa. Google ya kawo irin nasa tsarin a 2020. Bai bayyana adadin da ya ƙayyade ba, amma ya gargaɗi masu manhaja cewa idan aka maimaita roƙo cikin ɗan lokaci, kamar ƙasa da wata guda, akwatin na iya ƙin fitowa.

Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba, kuma shi ne ya sauya lissafin gaba ɗaya. Bayan manhaja ta miƙa buƙatarta, ba a gaya mata ko akwatin ya fito, ko mutumin ya ba da tauraro, balle guda nawa. Mai manhaja kamar maharbi ne da aka ba kibiya uku a shekara, kuma ba zai ga inda kowacce ta faɗa ba. Wanda ya fahimci haka ba zai harba ta farko a ranar da aka sauke manhajarsa ba.

Mu ɗauki manhajar tura kuɗi, tunda ita ce ke hannun mutane yanzu daga kasuwar Kwari har shagon unguwa. Mai ƙera ta zai ce lokacin da ya fi dacewa shi ne da zarar an rubuta cewa kuɗi ya tafi, domin ai aiki ya kammala. A wurin manhaja ya kammala, a wurin mutum kuwa da saura. Yana tsaye gaban mai shago, zai juya masa fuskar waya ya ga rasit, mai shago kuma yana cewa bai ga alat ba tukuna. Akwatin taurari da ya rufe rasit a wannan daƙiƙar ya shiga tsakanin mutum da mutuncinsa, kuma duk wanda aka yi wa haka ya san yatsa ba ya zuwa kan tauraro na biyar.

Da ni ce ke tsara wannan manhaja, ga sharuɗɗan da zan gindaya. Mutumin ya kai aƙalla mako biyu da sauke ta, ya kuma tura kuɗi lafiya sau biyar a ranaku daban-daban, domin wanda ya gwada sau ɗaya bai da abin faɗa. A cikin kwana bakwai da suka wuce babu kuɗin da ya maƙale, manhajar ba ta mutu a hannunsa ba, kuma ba shi da ƙorafin da ke jiran amsa. Idan duk wannan ya cika, sai a bari ya rufe rasit da kansa ya koma shafin farko, a dakata daƙiƙa biyu ko uku a ga bai fara wani aikin ba, sannan a nemi akwatin. Waɗannan alƙaluma ba doka ba ce, manhajar karatu ko ta wasa za ta ɗauki nata. Abin da ba ya canzawa shi ne a ƙirga ayyukan da suka yi nasara maimakon yawan buɗe manhaja. Mutumin da ya buɗe manhajar banki sau goma a yini ɗaya, mai yiwuwa kuɗinsa ne ya maƙale yake ta dubawa.

Bayan an nema, manhajar ta ajiye ranar a wurinta, ta yi shiru na wata uku ko huɗu, kuma kada ta sake sai an fitar da sabon zubi mai gyara na gaske. Tunda ba ta san ko ya amsa ba, ladabi shi ne ta ɗauka ya gani.

Akwai wata dabara da ta yaɗu wadda ba na goyon baya. Manhaja ta fara tambayarka ko kana jin daɗinta. In ka ce e, a kai ka wurin taurari, in ka ce a'a, a karkatar da kai zuwa akwatin ƙorafi inda ba wanda zai gani. Ƙa'idar Google ta hana yin irin wannan tambaya kafin akwatin ko lokacin da yake buɗe, kuma kamfanonin biyu sun hana sayen taurari da kyauta ko ragi. Wani zai ce ai jiran lokacin da komai ya tafi daidai shi ma tacewa ne. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma da bambanci: wanda ka ƙi damunsa ranar da kuɗinsa ya maƙale za a tambaye shi wani makon, kuma zai faɗi abin da ke ransa a bainar jama'a. Wanda aka karkatar kuwa an rufe masa baki ne, kuma mai saukewa na gaba shi aka yaudara.

Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaura akwatin a kan maɓallin da aka rubuta "ba mu taurari". Idan adadin ya cika, mutum zai danna ya ga babu abin da ya faru, ya ɗauka manhajar ta lalace. Irin wannan maɓalli kamata ya yi ya kai mutum shafin manhajar a kantin kai tsaye.

Ta yaya mai manhaja zai gane ya yi kuskuren lokaci, alhali ba a ba shi rahoto? Ya karanta sharhin da ke shigowa. Idan mutane sun fara ambaton akwatin kansa, suna cewa ya dame su, magana ta ƙare. Ya kuma kwatanta ranakun da ya nemi akwatin da taurarin da suka shigo a ranakun, ya duba ko mutane na rufe manhajar nan take bayan roƙon. Tun 2019 Play Store ya fi ba sababbin taurari nauyi a kan tsofaffi, don haka mako guda na roƙo a lokacin da hanyar tura kuɗi ke tangarɗa na iya jan makin ƙasa da sauri. Daga ƙarshen 2021 kuma makin da ake nuna wa mai waya na ƙasarsa ne, wato ɗan Najeriya na ganin abin da ’yan Najeriya suka bayar. Shi ya sa ya kamata a ƙera manhajar yadda za a iya kashe roƙon daga ofis, ba sai an jira mutane sun sabunta ta ba, a kashe shi da zarar an ga tura kuɗi ya fara faɗuwa, a kunna bayan kwana biyu ko uku da daidaituwar al'amura.