Amsar Lauya Ga Hukuma: A Gyara, Amma Ba a Amsa Laifi Ba

A ce kamfanin sarrafa shinkafa ne a Kano, sai ga takarda daga hukumar FCCPC mai kula da gasa da kare haƙƙin masu saye. An ce jami'anta sun auna buhunan kamfanin masu rubutun kilo 50, sun tarar ba su cika ba, kuma an ba shi kwana 14 ya janye kayan daga kasuwa. Irin wannan takarda sashe na 150 na dokar hukumar ta 2018 ne ya ba da ikon fitar da ita. Dole ta faɗi wane tanadi aka karya, me za a gyara, cikin wane wa'adi, da hukuncin da ke jiran wanda ya yi kunnen uwar shegu, har da rufe wurin sana'a.

Abin da manaja yakan fara yi shi ne ya rubuta: mun yi kuskure, a yi mana afuwa. A zaman duniya wannan ladabi ne, amma a shari'a iƙirari ne. Gobe idan dillalai suka shigar da ƙarar neman diyya, wannan layi guda na iya zama hujjarsu ta farko.

Shi ya sa amsar lauya take fita da wata siga. Yakan fara da ranar da takardar ta iso hannun kamfani, don kada a yi gardamar lissafin wa'adi daga baya. Sannan ya ce kamfanin yana ba hukuma haɗin kai, amma babu abin da ke cikin wasiƙar da za a ɗauka a matsayin amsa laifi, kuma kamfanin bai yafe haƙƙinsa na ƙalubalantar umarnin a gaban kotu ba.

Daga nan sai tambayoyi, kuma a nan ake gane lauyan da ya karanta fayil. Buhu nawa aka auna? A masana'anta aka ɗauke su ko a shagon ɗan kasuwa, inda wani zai iya farke ɗinki ya ɗebi mudu biyu? Wace lamba ce a jikinsu? Yaushe aka tantance sikelin da aka yi awon da shi? Idan amsar ta nuna buhu shida ne kawai, duk daga shago ɗaya, zargin ya tashi daga kan masana'anta gaba ɗaya ya koma kan kaya ƙalilan.

Duk da haka lauya mai hankali ba ya tsayawa a musu. Umarnin yana nan da ƙarfinsa har sai kotu ta soke shi ko hukumar ta ba da shaidar cewa an bi shi, kuma wasiƙar lauya, komai daɗin lafazinta, ba ta tsayar da wa'adi. Don haka sai ya rubuta cewa kamfanin ya dakatar da sayar da buhunan masu wannan lamba, don kariya kawai. Idan kwana 14 ba za su isa a tattaro kaya daga kasuwanni ba, sai ya nemi ƙarin lokaci a rubuce tun wa'adi bai cika ba. Ƙarya kuwa ba ta shiga ciki, domin ba hukuma bayanin bogi laifi ne mai zaman kansa.

Idan ana son sulhu, wasiƙa ta biyu ake yi dabam. Sashe na 196 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana a kafa hujja a shari'ar da ba ta laifi ba da takardar da aka yi wa alamar cewa ba ta tauye haƙƙin mai ita, muddin a cikin neman sulhu aka rubuta ta. Wasu lauyoyin kan manna wannan alama a kan kowace takarda kamar laya, alhali amsar da kamfani zai so ya nuna wa alƙali ya kamata ta fita a fili.

Kamfanin MTN ya bi irin wannan hanya. A watan Oktoba na 2015 hukumar NCC ta ci shi tarar naira tiriliyan 1.04 kan layukan waya fiye da miliyan 5 da ba a yi musu rajista yadda ya kamata ba, naira 200,000 kowane layi. Ya garzaya Babbar Kotun Tarayya a Legas a watan Disamba. A watan Fabrairu na 2016 ya janye ƙarar, ya biya naira biliyan 50, tare da bayyana cewa kuɗin nuna kyakkyawar niyya ne da ba su tauye matsayinsa ba, kuma za a lissafa su cikin sulhu idan an cim ma shi. A watan Yuni aka daidaita a kan naira biliyan 330, da za a biya cikin shekara uku.