Me ya sa agogon hannu ke yawan rabuwa da waya?

Duk wanda ya sayi agogon nan na zamani mai nuna saƙonni da ƙirga taku ya san wannan takaici. Ranar farko an saukar da manhajarsa, an haɗa shi da waya ta Bluetooth, komai na tafiya daidai. Kwana biyu sai a ga agogo ya yi shiru: an kira bai motsa ba, saƙo ya shigo bai nuna ba. Da an buɗe manhajar sai a tarar tana neman agogon, cikin daƙiƙu kaɗan su haɗu, da an mayar da waya aljihu kuma su sake rabuwa. Yawancin mutane a nan suke yanke hukunci cewa an sayar musu da jabu. Sau da yawa kuwa lafiyar agogon ƙalau, kuma ana iya gano inda matsalar take ta hanyar lura da abu ɗaya: a wane lokaci haɗin yake yankewa?

Kafin a kai ga wannan tambaya, yana da kyau a san cewa Bluetooth iri biyu ne. Akwai tsohon, wanda ke ɗaukar murya da kiɗa zuwa lasifika ko abin sauraro na kunne. Akwai kuma mai ƙarancin cin batir, wanda ake rubutawa BLE, da ya zo a 2010 tare da Bluetooth 4.0. Da shi manhajar agogo take aika saƙonni ta kuma karɓo lissafin taku da bugun zuciya. Agogon da ake iya amsa kira da shi yana amfani da duka biyun. Shi ya sa mutum zai shiga saitin wayarsa ya ga an rubuta Connected a gaban sunan agogon, amma manhaja ta ce ba ta ganinsa. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu: layin murya ne yake haɗe, layin manhaja kuwa ya yanke.

Shi wannan layi na manhaja yana rayuwa ne da gaisuwa a kai a kai. Waya da agogo suna yarjejeniya cewa za su riƙa tuntuɓar juna bayan kowane ɗan lokaci, wanda ƙa'idar BLE ta ce zai iya kasancewa daga ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa har zuwa daƙiƙa 4. Suna kuma tsayar da wa'adin haƙuri, wanda ba ya wuce daƙiƙa 32, kuma galibi 'yan daƙiƙu ne kawai. Idan wa'adin ya cika ɗaya bai ji ɗuriyar ɗaya ba, sai kowa ya ɗauka an rabu. Yankewa irin wannan ba abin mamaki ba ne, tana faruwa ko a na'urori masu tsada. Abin da ke bambanta haɗi mai ɗorewa da mai ban haushi shi ne ko akwai wanda zai sake ƙulla shi nan take. Wannan aiki kuwa yawanci na manhaja ne, kuma sai tana farke za ta iya yinsa.

A nan babbar matsalar take. Tun daga Android 6, a 2015, wayoyi suka fara sa manhajoji barci idan an ajiye waya fuskarta a kashe, domin batir ya daɗe. Android 8, a 2017, ya ƙara taƙaita abin da manhaja za ta iya yi idan ba a buɗe take a gaban mai waya ba. Sannan masu ƙera wayoyi da dama sun ɗora nasu tsarin tsimin batir a kan wannan, wanda ya fi na asali tsanani. Wayar na yin tamkar mai gadin kasuwa ne da ke korar duk wanda ya gani bayan an tashi, sai wanda sunansa ke cikin takardar da aka ba shi. Manhajar agogo, in ba a sa sunanta ba, korar ta za a yi.

Mu ɗauki misalin wani mai shagon yadi. Da safe agogonsa yana aiki, amma da ya shagala da masu saye sai kiran da ake yi masa ya daina fitowa a hannu. Gwajin da zai yi ba ya buƙatar mai gyara. Ya buɗe manhajar har ta nuna an haɗu, ya ajiye waya da agogo gefe da gefe a kan tebur, ya bar fuskar wayar a kunne na minti 10, sannan ya sa a turo masa saƙo. In saƙon ya fito a agogo, sai ya kashe fuskar wayar, ya bar su a wurin ba tare da ya taɓa ba na minti 30, a sake turo saƙo. Idan wannan karon agogo ya yi shiru, alhali ba a matsar da komai ba, to ba nisa ba ne, ba kuma bango ba: wayar ce ta rufe manhajar. Ƙarin shaida shi ne, yawancin irin waɗannan manhajoji suna ajiye wata 'yar sanarwa ta dindindin a saman waya. In ya duba ya ga ta ɓace, an kashe manhajar ke nan.

Gyaran matakai huɗu ne, kuma sai an haɗa su duka. Na farko, ya danne alamar manhajar har App info ya fito, ya shiga Battery, ya zaɓi Unrestricted. A wasu wayoyin No restrictions ake rubutawa, a tsofaffi kuwa Don't optimize. Na biyu, ya ba ta izinin tashi da kanta. A wayoyin Xiaomi da Redmi sunan wannan Autostart, a Tecno da Infinix galibi ana samun sa cikin Phone Master a ƙarƙashin Auto-start management, a Samsung kuwa akwai jerin manhajojin da ba a sa su barci a cikin Background usage limits. Na uku, ya buɗe jerin manhajojin da ya yi amfani da su kwanan nan, ya kulle ta da alamar kwaɗo in wayarsa tana da ita, domin kada ta tafi idan ya share sauran. Na huɗu, ya bar waccan 'yar sanarwa ta dindindin. Mutane da yawa suna kashe ta don tana cika musu ido, alhali tana cikin abin da ke nuna wa Android cewa manhajar tana bakin aiki. Bayan nan sai ya maimaita gwajin minti 30. Ya kuma sani cewa duk lokacin da ya kunna Battery saver, musamman mai tsananin, takurawar na iya dawowa. Masu iPhone ba su da yawan waɗannan saituna, amma su ma in suka ture manhajar sama suka rufe ta da hannu, yawanci ba za ta sake neman agogon ba sai sun buɗe ta.

Akwai kuma batun izini. Daga Android 12, na 2021, manhaja tana buƙatar izinin Nearby devices kafin ta nemi na'ura ko ta haɗu da ita. A Android 6 zuwa 11 kuwa izinin Location ake nema, kuma a wayoyi da yawa sai an kunna shi kansa Location ɗin binciken zai ga wani abu. Wanda ya hana wannan izini saboda yana ganin agogo ba shi da hurumin sanin inda yake, zai iya tarar da manhaja tana ta nema ba ta samu ba.

To idan gwajin tebur ya tafi lafiya, amma haɗin na yankewa yayin da ake kai-komo fa? Wannan matsalar iska ce. Bluetooth yana aiki a zangon gigahaz 2.4, kuma nisan da ake faɗa na kusan mita 10 a fili ne. Bangon siminti da ƙofar ƙarfe suna rage shi sosai, haka jikin mutum, domin ruwa yana shanye wannan sigina. Waya a aljihun baya na dama, agogo a hannun hagu, wani lokaci ya isa ya raunana haɗin ƙaramin agogo. Sannan Wi-Fi ma yana amfani da wannan zango. Wanda ya kunna Hotspot yana raba wa mutane data, ko yake sauke babban fim, yana matse wa Bluetooth hanya a cikin wayarsa, domin a wayoyi da yawa eriya ɗaya suke rabawa. In wayar da abin da ke karɓar datar suna iya 5 GHz, a mayar da Hotspot ɗin can. A kuma lura da cajin agogon: wasu suna kashe Bluetooth ko su rage aikinsa idan batir ya yi ƙasa sosai.

Yanayi na uku shi ne agogon da ya ƙi haɗuwa sam, ko yake haɗuwa ya yanke cikin daƙiƙu kaɗan a kowane lokaci. Lokacin da aka haɗa na'urori biyu karon farko, sukan ajiye mabuɗin sirri iri ɗaya. In aka yi wa agogo Reset, ko wani sabunta manhajar cikinsa ya goge nasa, sai waya ta ci gaba da zuwa da tsohon mabuɗi, agogo kuwa ya ƙi karɓa. Maganin shi ne a goge a ko'ina, bi da bi: a cire agogon daga cikin manhaja, a shiga saitin Bluetooth a danna Forget ko Unpair a kan duk sunan da ya shafe shi, a kashe waya da agogo a kunna, sannan a haɗa su daga cikin manhajar. Haɗawa daga saitin waya kai tsaye sau da yawa layin murya kawai yake ƙullawa. A kuma tabbatar tsohuwar waya ko wayar wani ɗan gida ba ta riƙe da agogon, domin yawancin ƙananan agogo waya ɗaya suke karɓa, kuma da sun haɗu da ita sai su daina sanar da kansu ga sauran. Haka nan manhajoji biyu da ke neman agogo ɗaya a waya ɗaya suna iya ƙwace shi daga juna.

In duk wannan bai yi ba, akwai Reset Wi-Fi, mobile & Bluetooth a cikin saitin Android, amma yana goge duk na'urorin da aka taɓa haɗawa da kalmomin sirrin Wi-Fi, don haka a bar shi ya zama na ƙarshe. Kafin a je ga mai gyara ko a koma wa mai shago, a cire agogon daga wayar, a haɗa shi da wata waya dabam na yini guda. In ya zauna lafiya a can, a koma kan saitin batir da izini na wayar farko. In can ma yana yankewa alhali suna gefe da gefe kuma manhaja a buɗe, to agogon ne ke da lahani, ko a eriya ko a batir, kuma babu saitin da zai gyara shi. A nan ne rasidin saye yake da amfani.