Bambanci Tsakanin Yawan Fiksel da DPI Wajen Shirya Hoto Domin Bugu: Misali Daga Shagunan Bugu na Gyadi-Gyadi da Tarauni

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin bambancin da ke tsakanin yawan fiksel na hoto da lambar da ake kira DPI, waɗanda masu kawo aiki da wasu masu bugu kan ɗauka abu ɗaya ne. An nuna cewa fiksel shi ne ainihin abin da hoto ya ƙunsa, ita kuwa lambar DPI tana faɗar yadda za a shimfiɗa shi ne a kan takarda. An bi misalin hoton biki guda ɗaya da aka so a buga a kati da kalanda da bana, domin a nuna lissafin da ya kamata a yi kafin a taɓa takarda.

1.0 Gabatarwa

A shagunan kwamfuta da na bugu da ke Gyadi-Gyadi da sauran unguwannin Ƙaramar Hukumar Tarauni a Kano, akwai wata gardama da ta zama ruwan dare, musamman lokacin bukukuwa. Mutum zai turo hoto daga wayarsa a buga masa kalanda, aiki ya fito dishi-dishi, fuska ta watse. Mai aiki zai ce hoton garau yake a wayarsa, mai shago kuma ya ce ai sai da ya mayar da shi DPI 300 kafin ya buga. Kowa gaskiyarsa ya faɗa, amma takarda da tawada sun riga sun tafi, kuma dole wani ya ɗauki asarar. Tushen gardamar shi ne rashin rarrabe lambobi biyu da kowane hoto ke ɗauke da su.

2.0 Fiksel: Abin da Hoto Ya Mallaka

Hoton waya ko na kwamfuta jeri ne na ƙananan murabba'ai, kowanne da launi ɗaya tak. Kowane murabba'i shi ake kira fiksel. Idan aka ce hoto 3000 × 4000 ne, ana nufin fiksel 3000 ne a faɗinsa, 4000 a tsayinsa, jimilla miliyan 12. Wannan ne ma'anar megafiksel 12 da ake tallata kyamarar waya da ita.

Abin lura shi ne fiksel ba shi da girma na kansa. A fuskar waya yakan ƙanƙance har ido ya kasa ganinsa, a babban allo kuma ya buɗe. Saboda haka hoton da ke cikin waya ba shi da inci ko santimita tukuna, adadi kawai gare shi. Ana iya kwatanta shi da tayil da aka saya aka jibge: an san yawansu, amma sai an san faɗin kowane ɗaya za a san girman ɗakin da za su rufe.

3.0 DPI: Yadda Ake Shimfiɗa Fiksel a Takarda

DPI taƙaitawa ce ta kalmomin Ingilishi masu nufin adadin ɗigo a kowane inci ɗaya, inci kuwa santimita 2.54 ne. A bakin masu bugu kalmar tana ɗaukar ma'ana biyu. Ta farko ita ce fiksel nawa za a jera a inci ɗaya na takarda, wanda sunansa na ainihi PPI. Ta biyu ita ce ɗigon tawada nawa firinta ke iya saukewa a inci ɗaya. Ɗigon tawada ya fi fiksel ƙanƙanta, domin injin yana haɗa ɗigo da yawa na tawada huɗu, shuɗi da ja-ja da rawaya da baƙi, kafin ya fitar da launin fiksel ɗaya. Don haka firintar da aka rubuta mata 1200 ba ta bukatar hoto mai fiksel 1200 a inci. A wannan maƙala ma'ana ta farko ake nufi, domin ita ce ke hannun mai shirya hoto.

Alaƙar lambobin biyu rabawa ce kawai:

`DPI = yawan fiksel ÷ inci`

Lambar 72 ko 96 da ake gani a bayanan hoto ba ta nuna inganci. Lambar 72 gado ce daga kwamfutar Macintosh ta 1984, wadda aka tsara fuskarta ta dace da ma'aunin haruffan ɗab'i, inda inci ɗaya ke da awo 72. Windows kuma ta ɗauki 96. Hoto mai 3000 × 4000 da aka yi wa laƙabin 72 ya fi hoto mai 600 × 800 da aka yi wa laƙabin 300 nesa ba kusa ba.

4.0 Daga Ina 300 Ta Samo Asali?

Ido mai lafiya yana iya rarrabe abubuwa biyu da ke kusa da juna har zuwa kusan kashi ɗaya cikin sittin na digiri. Idan aka juya wannan zuwa lissafi, ana samun ƙa'ida mai sauƙi: a raba 3438 da nisan mai kallo a inci, abin da ya fito shi ne DPI da ido zai iya amfana da shi. Wanda ya riƙe kati a hannu, nisan inci 12, yana bukatar kimanin 286, wato kusan 300. Wanda ya tsaya santimita 60 daga kalandar bango yana bukatar kimanin 145. Mai kallon bana daga mita 3 kuwa, 29 ta ishe shi, sannan allon tallan da ake hange daga mita 10 a kan Titin Zariya bai bukaci fiye da 9 ba. Ke nan 300 ma'auni ne na abin da ake riƙewa a hannu, ba sharaɗin kowane bugu ba.

5.0 Misali: Hoto Ɗaya, Aiki Uku

A ɗauka wani ya zo shago a Gyadi-Gyadi da hoton ango da amarya. An ɗauke shi da waya mai megafiksel 12, a tsaye, 3000 × 4000. Mai hoton ya tura wa ango ta WhatsApp, ango ya tura wa abokinsa, abokin ya kawo shago. A turawa ta yau da kullum manhajar takan matse hoto, ta rage dogon gefensa zuwa kimanin fiksel 1600. Abin da ya iso shago ke nan 1200 × 1600, ƙasa da fiksel miliyan 2 daga miliyan 12. A waya ba a ga bambanci ba, domin fuskarta ƙarama ce. Ana son katin gayyata da kalandar A3 da kuma bana mai ƙafa 3 da ƙafa 4.

A kati, hoton zai zauna a fili mai faɗin inci 4. Idan aka raba 1200 da 4, an sami 300. Aiki zai fito tsaf.

Takardar A3 tana da faɗin inci 11.69 da tsayin inci 16.54. Domin hoton ya cika ta, za a raba 1600 da 16.54, a sami kimanin 97. Kalandar da ake tsayawa kusa da ita tana bukatar wajen 145, saboda haka a nan matsala take: zanen lalle zai cakuɗe, aikin hular ango ya narke, gefen fuska ya yi taushi. Da asalin hoton aka kawo, 4000 a raba da 16.54 zai ba da kimanin 242, wanda ya wadatar har da rara.

Bana tana da faɗin inci 36 da tsayin inci 48. Raba 1200 da 36 ya ba da 33. Lambar ta yi ƙasa ƙwarai, amma tun da daga mita 3 ko fiye za a kalle ta a bakin wurin taro, ta haura 29 da ake bukata. Hoton da ya gaza a kalanda ya tsira a bana duk da ta fi girma, muddin dai mutane ba za su tsaya dab da ita su ɗauki hoto ba. Idan za su tsaya, asalin hoton, mai ba da 83, shi ya fi dacewa.

6.0 Kuskuren Rubuta 300

A nan ne mai shago kan yaudari kansa. Yakan buɗe hoton a Photoshop, ya shiga `Image Size`, ya goge 72 ya rubuta 300. Sakamakon ya dogara ga wani ɗan akwati mai suna `Resample`. Idan ba a zaɓe shi ba, fiksel na nan yadda suke, girman bugun ne ke sauyawa: hoton da ya nuna inci 16.7 × 22.2 a kan 72 zai koma inci 4 × 5.3 a kan 300. Wannan ita ce gaskiyar hoton, kuma hanya ce mai kyau ta gano iyakarsa.

Idan kuwa an zaɓi `Resample`, aka nemi A3 a kan 300, manhajar za ta samar da fiksel 3508 × 4961, sama da miliyan 17, daga ƙasa da miliyan 2. Wajen takwas cikin kowane fiksel tara kintace ne da aka ciro daga launin maƙwabtansu. Fayil zai yi nauyi, lamba za ta nuna 300, amma zaren hular da aka rasa a hanya ba zai dawo ba. Abin da kawai ake samu shi ne murabba'an da za su fito fili sun koma dishi-dishi. Haka abin yake a CorelDRAW idan aka ja kusurwar hoto domin ya cika shafi: fiksel ba su ƙaru ba, tazararsu ce ta buɗe, kuma layin bayani na ƙasan manhajar yana nuna yadda lambar ke sauka.

7.0 Abin da Ya Kamata a Yi Kafin Bugu

Mataki na farko shi ne duba yawan fiksel. A Windows ana danna hoto da maɓallin dama, a shiga `Properties`, sannan `Details`, a karanta `Dimensions`, a ƙyale lambar DPI da ke ƙasa. Sai a raba da girman da ake so, a kwatanta da nisan mai kallo. Dole a yi lissafin bayan an yanke hoto, domin wanda ya ciro fuska ɗaya daga hoton taro ya zubar da mafi yawan fiksel ɗinsa.

Idan lissafi bai kai ba, mafita uku ce: a nemo asalin hoton, a rage filin da zai zauna a shafi, ko a sauya hoto. Wajen neman asali, a ce wa mai hoton ya turo shi a matsayin `Document`, ko a kwafo ta kebul, domin ta haka ba a matse shi. Zaɓin `HD` da WhatsApp ta ƙara a 2023 ya fi turawa ta yau da kullum, amma shi ma yana matsewa. Hoton da aka ɗauko daga fuskar waya kuwa bai wuce yawan fiksel na fuskar ba. A ƙarshe, a buga yankin fuska a takardar A4 da girman da zai fito a aikin, a nuna wa mai aiki daga nisan da za a kalla, kafin a buga ɗaruruwa.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa yawan fiksel shi ne abin da hoto ya mallaka, DPI kuma sakamako ne da ke fitowa bayan an zaɓi girman bugu. Tambayar da ta dace mai shago ya yi ita ce: fiksel nawa ne, inci nawa ake so, kuma daga ina za a kalla? A misalin da aka bi, rabawa ɗaya, 1600 da 16.54, da ta isa ta nuna tun farko cewa kalandar ba za ta fito ba sai an nemo asalin hoton.