Ba wa ɗakunan Excel suna, da inda ake duba gaskiyar sunan

Wani ɗan'uwana mai shagon siminti ya kira ni wata ranar Asabar, ya ce in zo in duba masa lissafinsa. Yaron da ya tsara masa fayil ɗin Excel ya tafi hidimar ƙasa, shi kuma farashin buhu ya canja, ya rasa inda zai taɓa. Da na danna ɗakin da ke fitar da kuɗin da mai saye zai biya, ga abin da na tarar:

```
=B5*Sheet3!$C$4*(1+Sheet3!$C$7)+B5*Sheet3!$C$9
```

Lissafin daidai yake, ba kuskure ko ɗaya. Amma kafin mu gane mene ne `$C$4` da `$C$7` da `$C$9` sai da muka yi ta kai da komowa tsakanin shafuka. Ashe na farkon farashin buhu ne, na biyun harajin kaya, na ukun kuɗin dako. Bayan mun yi kwata muna gyara, lissafin ya koma haka:

```
=B5*Farashin_Buhu*(1+Haraji)+B5*Kudin_Dako
```

Ya karanta da kansa, ya ce, "To ai wannan ko ni na gane." Muka gwada da buhu 40 a kan naira 9,000. Kuɗin kaya ya kama 360,000, harajin kashi 7.5 cikin ɗari (wanda Najeriya ta koma kansa a Fabrairun 2020, daga kashi 5) ya kama 27,000, dako a kan naira 200 kowane buhu ya kama 8,000. Jimla 395,000, daidai da abin da tsohon lissafin ya bayar.

Raɗa sunan ba wuya. A saman shafi, can gefen hagu, akwai ɗan akwatin da ke nuna adireshin ɗakin da kake ciki, ana kiransa `Name Box`. Ka zaɓi ɗakin, ko jerin ɗakunan, ka danna cikin akwatin, ka rubuta sunan, ka buga `Enter`. Wannan bugun na ƙarshe shi mutane ke mantawa, su danna wani wuri, sunan ya tafi a banza. Idan kuma kana da jeri biyu, sunayen abubuwa a hagu da adadinsu a dama, sai ka zaɓe su tare ka danna `Ctrl+Shift+F3`, ka zaɓi `Left column`. Excel zai raɗa wa kowane adadi sunan da ke gefensa a lokaci guda. Daga nan, duk lokacin da kake rubuta lissafi ka manta wani suna, `F3` zai jero maka su.

Excel yana da tsantseni a kan sunan da yake karɓa. Ba ya yarda da tazara, shi ya sa muka rubuta `Farashin_Buhu` da layin ƙasa. Suna ba ya farawa da lamba, kuma `R` ko `C` kaɗai ba sa karɓuwa. Wanda ya fi ba mutane mamaki shi ne sunan da ya yi kama da adireshi. Tun fitowar Excel 2007 ginshiƙan shafi sun kai 16,384, na ƙarshensu `XFD`, saboda haka `VAT7` adireshin wani ɗaki ne na gaske. Idan ka rubuta shi a akwatin, ba gargaɗi, sai dai kawai ka tsinci kanka can nesa a wani ɗaki da babu komai a ciki. Ni kuma ina guje wa ɗ da ƙ a cikin sunaye, na rubuta `Kudin_Dako`, domin ba kowace kwamfuta ce mai ita ya san yadda zai buga su ba.

Sai dai suna yana da wani hali. Yana sa lissafi ya karantu, amma yana ɓoye inda yake nuni. Wanda ya ga `$D$5:$D$60` ya san iyakar abin da ake tarawa. Wanda ya ga `=SUM(Ciniki)` kuwa sai ya ɗauka duk cinikin ne, ya kwantar da hankalinsa.

Haka ta faru a shagon bayan wata guda. Mun raɗa wa `D5:D60` suna `Ciniki`, ciniki kuma ya ci gaba, yaran shago suna rubutawa a ƙasa har layi na 72. Ƙarshen wata kuɗin da ke hannu ya fi na kwamfuta yawa, har aka fara kallon juna. Babu alamar kuskure ko ɗaya a shafin. Da na zaɓi `Ciniki` daga `Name Box`, sai inuwar ta tsaya a layi na 60, layuka goma sha biyu suna waje. Dalili shi ne suna yana faɗaɗa idan an cusa sabon layi a tsakiyarsa, amma bai san da abin da aka ƙara a ƙarƙashinsa ba. Laifina ne, domin na san cinikin ƙaruwa zai yi.

Wurin gyara shi ne `Name Manager`, wanda ke ƙarƙashin `Formulas`, ko a buɗe shi da `Ctrl+F3`. Nan ne ake ganin dukkan sunayen fayil, kowanne da abin da ke cikinsa a `Value`, da inda yake nuni a `Refers To`. Na zaɓi `Ciniki`, na mayar da `$D$60` zuwa `$D$72`. A kula: in za ka motsa da maɓallan kibiya a cikin wannan layin, fara danna `F2`, in ba haka ba Excel zai riƙa cusa maka adireshi a tsakiyar rubutu. Wannan gyaran na rana ɗaya ne. Don kada a maimaita, mun mayar da jerin cinikin tebur da `Ctrl+T`, domin tebur yana haɗiye sabon layin da aka rubuta a ƙasansa. Ra'ayina shi ne suna ya fi dacewa da abin da ke zaune wuri ɗaya, kamar farashi da haraji, a bar wa tebur abin da ke tsawo kullum.

A nan ne kuma ake gane bambancin kurakurai biyu. Idan ka ga `#NAME?`, Excel bai san sunan ba, ko dai an yi kuskuren rubuta shi ko an goge shi daga `Name Manager`. Idan `#REF!` ne, sunan yana nan amma an share layi ko shafin da yake nuni. Maɓallin `Filter` yana da zaɓin `Names with Errors`, wanda ke tsamo irin waɗannan gaba ɗaya. Canja suna kuwa ba ya ɓata komai in an bi ta `Edit`, duk lissafin da ke amfani da shi zai bi sabon sunan. Wanda ya yi ƙoƙarin canjawa a `Name Box` suna na biyu kawai ya ƙara, tsohon yana nan.

Saura `Scope`, wato iyakar inda suna ke aiki, ko fayil ɗin duka ko shafi ɗaya. Ɗan'uwan nawa ya kwafi shafin farashi don ya gwada sabon kuɗin buhu, sai ga `Farashin_Buhu` ya zama biyu a jerin: na asali mai `Workbook`, da sabo mai sunan shafin da aka kwafa. A cikin wannan shafin sabon ne ke aiki, a sauran shafuka kuma tsohon, shi ya sa ya canja farashi ya ga rasit bai motsa ba. `Scope` ba ya canjuwa bayan an raɗa suna, sai dai a goge a sake. Muka share shafin gwajin, sunayensa suka tafi tare da shi, ya rubuta sabon farashin a ɗakin asali.